Nazarin lamari: jarumin wasa da ke karkarwa a kilomita 40 daga cibiyar duniya

Wasan kwamfuta ne mai faffaɗan fili, kilomita 50 kowane gefe, an gina shi a injin haɗa wasanni na Unity, kuma awo ɗaya na injin yana nufin mita ɗaya. Wanda ya shimfiɗa taswirar ya ajiye cibiyar duniya, wato wurin da x da y da z duk suke sifili, a kusurwar kudu maso yamma. Daga nan ake fara wasa, a nan kuma aka yi yawancin gwaji, komai lafiya lau. Sai da aka kai jarumin can gabas, inda x ya kai mita 40,000, z na arewa yana 3,000, y na tsayi yana 12, sannan matsala ta ɗago kai.

Jarumin yana tsaye, ba a taɓa ko maɓalli ɗaya ba, amma yatsunsa da bakin rigarsa suna ta ɓari kamar mai jin ɗari. Da an juya kyamara sai duk jikin ya ɗauka. Idan aka koma kallo ta idon jarumin, inda hannuwansa suke dab da kyamara, abin ya fi muni nesa ba kusa ba. Akwai kuma wata alama da da farko ba a haɗa ta da sauran ba: idan aka sa shi sanɗa a hankali ya nufi gabas, ƙafafunsa suna motsi amma ba ya gusawa ko kaɗan. Idan ya nufi arewa da wannan saurin, yana tafiya sumul.

Maganin farko da aka gwada shi ne wanda kowa ke fara gwadawa. Aka mayar da lissafin kyamara cikin `LateUpdate`, aka kunna `Interpolate` a kan `Rigidbody`, aka ƙara wa kyamara laushin bi. Waɗannan magunguna ne na gaske, amma na wata cutar daban. Injin fiziks na Unity yana bugawa ne duk daƙiƙa 0.02, wato sau 50 a daƙiƙa, allo kuwa yana zana firam 60, kuma rashin jituwar nan yana haifar da tangal-tangal. Sai dai ita wannan tangal-tangal ɗin tana faruwa a ko'ina cikin taswira, kuma sai abu yana tafiya. Jarumin nan a tsaye yake rawa, kuma a gabas kaɗai.

Gwajin da ya raba gardama bai ɗauki minti biyar ba. Aka ɗauki jarumin da kyamararsa da ɗan filin da yake tsaye a kai, aka ajiye su a x sifili, sai 1,000, sai 5,000, sai 20,000, sai 40,000, ba a canja komai ba sai wurin. A sifili da 1,000 shiru. A 5,000 hannuwan da ke dab da kyamara suka fara ɗan motsi. A 20,000 ana gani ƙarara, a 40,000 kuma ya ninka. Cutar da ke ƙaruwa da nisa daga cibiya, ta kuma fi ƙarfi a layi ɗaya na duniya, ba ta kyamara ba ce. Ta lamba ce.

Abin da ke cikin lambar

Unity yana ajiye `Transform.position` a matsayin `float` uku, kowanne bit 32, bisa ƙa'idar IEEE 754 da aka fara fitarwa a 1985. Bit ɗaya na alamar ƙari ko ragi ne, takwas suna faɗin girman lambar, 23 kuma suna riƙe da ainihin alƙalumanta. Hakan ya kai kimanin alƙaluma bakwai a ƙidayarmu ta goma-goma. Bakwai ɗin nan ba sa ƙaruwa. Idan lambar 12 ce, biyu sun tafi a gaban ɗigo, saura biyar a bayansa. Idan 40,000 ce, biyar sun tafi, saura biyu da ɗan kai.

Hanyar da ta fi sauƙin riƙewa ita ce a ɗauki lambobin kamar matakalar tsani. Tsakanin kowace lamba da ninkinta, wato 1 zuwa 2, 2 zuwa 4, 4 zuwa 8, haka har sama, matakala 8,388,608 ne cif, ba ƙari ba ragi. Tsakanin mita 1 da mita 2 matakalan sun cushe ƙwarai, tazararsu ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba. Amma tsakanin 32,768 da 65,536, yawan matakalan nan ɗin ne dai za su rufe kilomita 32 da ɗoriya, don haka tazarar ta zama milimita 3.9. Duk lambar da ta faɗo tsakanin matakala biyu, tura ta ake yi kan wadda ta fi kusa. Tazarar kuma ba a hankali take girma ba, tsalle take yi: daga 4,096 milimita 0.49 ce, daga 8,192 ta zama 0.98, daga 16,384 ta zama 1.95, daga 32,768 ta zama 3.9. Shi ya sa mai gwaji zai iya rantsewa cewa a wani wuri takamaimai abin ya ɓaci farat ɗaya, kuma gaskiyarsa.

Ana iya tabbatar da wannan ba tare da an buɗe injin wasa ba:

```python
import numpy as np
x = np.float32(40000.0)
print(np.spacing(x))                # 0.00390625
print(x + np.float32(0.1/60) == x)  # True
```

A wurin da jarumin yake tsaye, x yana da tazarar milimita 3.9, z da ke 3,000 yana da 0.24, y kuwa tasa ba ta isa a ambata ba. Bambancin gabas da arewa ke nan, ninki 16.

Ko milimita 3.9 ta isa ido ya gani? Ya danganta da kusanci. A allo mai layi 1,080 da kyamara mai buɗin digiri 60 daga sama zuwa ƙasa, abin da ke nisan mita 3 ana ganin tsayin mita 3.46 nasa, wato kowane ɗigon allo ya rufe milimita 3.2. Tsalle ɗaya na lamba ya ɗan zarce ɗigo ɗaya, kuma idan hakan na faruwa sau da yawa a daƙiƙa, ido ba ya kuskure shi. Hannun da ke nisan rabin mita kuwa, ɗigo ɗaya milimita 0.53 ne kawai, don haka wannan tsallen ya zama ɗigo bakwai. Wannan lissafin ya kuma bayyana dalilin da hannuwa suka riga komai fara rawa tun a 5,000, inda tazarar ta kusa cika ɗigo guda. Dutsen da ke can nesa shi ma yana samun kuskuren, amma ba wanda zai lura.

Rawa uku ne, ba ɗaya ba

A nan ne aka fi ɓata lokaci, domin alamomin sun yi kama da juna amma wuraren da ake asarar alƙaluma daban-daban ne.

Na farko, ɓarin yatsu a tsaye. Jarumi ba ya taɓa tsayawa cak, akwai motsin numfashi da ke gusa ƙasusuwansa da milimita ɗaya ko biyu. Matsayin kowane ƙashi idan aka auna shi daga jikin jarumin lamba ce ƙarama mai cikakkun alƙaluma, amma da an haɗa shi da matsayin duniya sai ya hau tsanin nan mai faɗin tazara. A ɗauki ƙashin yatsa da ke mita 0.4321 gabas da tsakiyar jarumin. Wannan matakala 110.6 ne, sai a tura shi kan ta 111. Numfashi ya janye shi milimita ɗaya, ya koma 0.4311, wato matakala 110.4, sai a tura shi kan ta 110. Motsin milimita ɗaya ya fito a allo a matsayin tsallen 3.9. Maƙwabcinsa da ke 0.4345 shi ma ya janye milimita ɗaya zuwa 0.4335, amma kafin da bayan duk kan matakala ta 111 ya faɗa, bai gusa ba sam. Ƙasusuwa biyu da ya kamata su tafi tare, ɗaya ya yi tsalle ɗaya ya daskare, fatar da ke tsakaninsu kuma ta miƙe ta dawo.

Na biyu, rawar da juya kyamara ke tayarwa. Kafin a zana kowane ɗigo na jikin jarumi sai an gano inda yake daga kyamara. A hanyar da aka saba, katin zane yana fara kai ɗigon matsayin duniya, ya juya shi da kusurwar kyamara, sannan ya debe matsayin kyamarar da shi ma aka juya. A ce kyamara tana 40,000, jarumi yana 40,003, kuma juyin ya sa a ninka da 0.8. Ɗaya ya ba da 32,002.4, ɗayan 32,000, abin da ake nema shi ne 2.4 da ya rage. Manyan alƙaluma huɗu sun cinye juna, abin da ya saura shi ne 'yan ƙananan na ƙarshe, waɗanda su ne turawa ta taɓa. Da kyamara ta gusa da ɗan kusurwa, 0.8 ta canja, kowace ninkawa ta faɗa wata matakala daban, kuskuren ya sake salo. Idan kyamara ba ta motsi kuskuren yana nan amma a daskare, ido ba ya ganinsa.

Na uku, tafiyar kanta. A kowane firam ana ƙara wa matsayi ɗan abin da jarumi ya gusa. Sanɗar mita 0.1 a daƙiƙa, a firam 60, milimita 1.67 ce, wadda ba ta kai rabin tazara ba, wato 1.95. Ana ƙarawa, a tura amsar ta koma inda take, haka har abada. Tafiyar yau da kullum ma ba ta tsira ba. Mita 1.5 a daƙiƙa milimita 25 ce a firam, matakala 6.4, ana tura ta kan 6, jarumi ya rage sauri da kashi 6 cikin 100. A kwamfutar da ke zana firam 144 kuwa gushin ya zama matakala 2.67, ana tura shi kan 3, jarumi ya ƙara sauri da kashi 12.5 cikin 100. Idan tsawon firam yana ɗan canjawa, sai a riƙa samun 6 yanzu, 7 an jima, kyamarar da ke bin sa da laushi kuma ta fallasa bambancin. A kan gangare abin yana shiga tsayi ma: a tudu mai digiri 30, tsallen milimita 3.9 a x yana nufin sama da milimita 2 a y, shi ya sa ƙafar da ke neman ƙasa take ta hawa da sauka.

Gyara

Mataki mafi arha ba ya buƙatar ko layi ɗaya na lissafi: a mayar da cibiya tsakiyar taswira. Mafi nisa ya koma kilomita 25, tazara ta ragu zuwa milimita 1.95. Rabi ke nan, kuma hannuwa suna nan suna rawa da ɗigo uku zuwa huɗu. A taswirar kilomita 4 ko 5 wannan kaɗai yakan wadatar, amma ba a nan ba.

Na gaba shi ne zane daga matsayin kyamara, wato a debe matsayin kyamara daga na abu tun kafin a juya komai, katin zane ya riƙa ganin 3 maimakon 40,003. HDRP, ɗaya daga tsarin zane na Unity, yana yin haka da kansa. Wannan yana kashe rawa ta biyu, amma ba ya taɓa ta uku, domin `Transform` da injin fiziks suna nan a kan tsaninsu mai faɗi. Mutum zai ga abin ya lafa ya ɗauka an gama, sai mai sanɗa ya sake maƙalewa.

Sanya `double`, wato lamba mai bit 64, shi ne maganin tushe inda injin ya yarda. Da bit 52 na alƙaluma, tazara a kilomita 40 ba ta kai kashi ɗaya cikin miliyan na milimita ba. Unreal Engine 5 ya zo da wannan a 2022, Godot 4 kuma ana iya harhaɗa shi da `precision=double`. A Unity `Transform` yana nan a `float`, don haka ko ka yi lissafinka da `double`, da ka rubuta amsar cikin `position` ta koma kan matakala.

Abin da ya rage, kuma shi aka ɗauka, shi ne cibiya mai bin jarumi. Maimakon jarumi ya yi nisa da sifili, duk lokacin da ya wuce wata iyaka sai a ja duniya gaba ɗaya baya, shi ma a ciki, a firam guda. Tunda kowa ya gusa daidai da kowa, kyamara ba ta ganin komai ya canja. Ainihin wurin da ake a taswira kuma ana tara shi a gefe cikin `double`.

```csharp
void LateUpdate() {
    Vector3 p = player.position;
    if (Mathf.Abs(p.x) < 1024f && Mathf.Abs(p.z) < 1024f) return;
    var s = new Vector3(Mathf.Round(p.x / 1024f) * 1024f, 0f,
                        Mathf.Round(p.z / 1024f) * 1024f);
    foreach (Transform t in roots) t.position -= s;
    Physics.SyncTransforms();
    offsetX += s.x; offsetZ += s.z; // double
}
```

An zaɓi 1,024 ne da dalili biyu. Ƙasa da ita tazara ba ta wuce milimita 0.061 ba, wato kusan kashi ɗaya cikin tara na ɗigon allo ko ga hannun da ke rabin mita. Sannan ita ninkin biyu ce tsantsa, don haka debe ta daga matsayin jarumi ba ya haifar da sabuwar turawa. Da an debe ainihin matsayinsa, kamar 1,024.37, da kowane ja ya ɗan ɓata jerin abubuwan duniya, kuskuren kuma ya riƙa taruwa. Ana jan uwayen abubuwa ne kawai, 'ya'yansu suna biye da su. Wanda ya ja uwa ya kuma ja ɗa ya gusa ɗan sau biyu.

Rubuta waɗannan layuka ba shi ne aikin ba. Aikin shi ne farautar duk wani wuri da aka ɓoye matsayin duniya ba a cikin `Transform` ba, domin duk abin da aka manta da shi zai tsaya a tsohon wuri, kilomita ɗaya daga inda ya kamata. A wannan lamarin ja na farko ya tona abubuwa da dama. Kyamara mai laushin bi ta ɗauka jarumi ya yi tsallen kilomita, ta bi shi a guje, sai da aka sanar da Cinemachine, tsarin da ke sarrafa kyamarar, ta `OnTargetObjectWarped`. Hayaƙi da ƙura da ke lissafi a sararin duniya suka ɓace a firam ɗin, layin `TrailRenderer` kuma ya ja doguwar igiya har bakin sama, saboda tsofaffin ɗigoginsa ba su gusa ba. Abokan gaba da suka ajiye wurin da suka nufa a cikin `Vector3` suka juya suka kama wata hanya. Gine-ginen da aka yi wa `Static Batching` sun riga sun narke cikin raga ɗaya mai matsayin duniya, jan `Transform` ɗinsu bai motsa hotonsu ba. Layin `Physics.SyncTransforms()` ma ba ado ba ne: idan babu shi, `CharacterController` yana iya mayar da jarumi tsohon wurinsa a motsi na gaba, domin injin fiziks bai ji labarin ja ba tukuna. Hanyar da ta fi aminci ita ce a yi sanarwa guda da ke ɗauke da `s`, kowane sashe mai ajiyar matsayi ya saurara ya gyara nasa.

Akwai wani tarko da ya fi waɗannan ɓuya. Ja ba ya dawo da alƙaluman da suka riga suka salwanta. Katangar da aka ajiye a fayil da x 40,000 da ɗori ta riga ta zauna kan matakalar milimita 3.9 tun ranar da aka ajiye ta. Bayan ja ba za ta yi rawa ba, amma siririyar tsaga tsakaninta da maƙwabciyarta tana nan. Don haka aka yanka taswira gida-gida, kowane gida mita 1,024, abin da ke cikinsa ana ajiye shi da lambar gidan da kuma matsayinsa daga kusurwar gidan. Wajen lodawa tsarin lissafi ne ke da muhimmanci: a ninka lambar gida da 1,024 cikin `double`, a ƙara matsayin abin daga kusurwar gidan, a debe `offsetX` cikin `double`, sai amsar ta ƙanƙance sannan a mayar da ita `float`. Wanda ya fara mayarwa kafin ya debe ya dawo da cutar ta ƙofar baya. Fayil ɗin ajiye wasa da taswirar da ɗan wasa ke dubawa su ma daga `offsetX` da `offsetZ` za su riƙa karantawa.

Dabarar tana da iyaka. Cibiya ɗaya ce, mutum ɗaya take bi. A wasan mutane da yawa kowace na'ura tana iya riƙe tata cibiyar, a riƙa aika matsayi da lambar gida, amma uwar garken da ke lissafin fiziks na mutum biyu masu nisan kilomita 40 ba za ta iya kusantar da su duka ga sifili ba. Ko dai ta raba su fagen fiziks daban-daban, ko a nemi injin fiziks mai `double`, kamar Jolt idan an harhaɗa shi da `JPH_DOUBLE_PRECISION`. Kuma lokaci ma lamba ne: `Time.time` da ya kai daƙiƙa 32,768, wajen awa 9, tazararsa ta kai kusan kashi 4 cikin dubu na daƙiƙa, kusan rubu'in firam guda, duk motsin da ya dogara da shi zai fara irin wannan ɓarin ko a kan cibiya.

Don tabbatar da gyaran aka maimaita gwajin farko a wurare biyar ɗin nan, wannan karon ta hanyar lodin gida-gida, aka kuma sauke iyakar ja daga 1,024 zuwa 16 na ɗan lokaci, a gwajin da kuma girman ja. Da haka ja yana faruwa kusan duk daƙiƙa goma na tafiya, kuma duk sashen da bai ji sanarwa ba yana bayyana nan take maimakon sai bayan kilomita. Abu biyu suka ƙara fitowa: sautin ruwa da ya ajiye wurinsa tun farkon wasa, da zanen guguwar ciyawa da ke ɗaukar matsayin duniya kai tsaye, wanda ke sauya salo a kowane ja har sai da aka riƙa ba shi ragowar `offsetX` bayan an raba shi da tsawon zagayen zanen. Bayan an mayar da iyaka 1,024, mai sanɗar mita 0.1 a gabashin taswira yana gusa milimita 1.67 a firam, a kan tazarar da ba ta wuce 0.061 ba.